Arba'in a Raba da Nawa?

Ina da shekara hamsin da biyu na koma ɗan makaranta. Ba son ilimi ne ya kai ni ba, kada wani ya yi mini kyakkyawan zato. A kamfanin da nake aiki, inda muke ɗura siminti a buhu, aka fito da doka cewa duk wanda zai riƙe sashen awo sai mai takardar difloma. Ni ne nake riƙe da sashen tun gashin kaina yana baƙi, amma a matsayin riƙon ƙwarya. Manaja ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai saba yi ba, ya ce yana jin nauyina, saboda haka zai ajiye mini kujerar har in kawo takarda. In ban kawo ba, akwai yaron da na koya wa aiki, wanda ma'aikata suke kira Satifiket saboda ranar da ya fara zuwa da takardunsa a hammata ya shigo. Shi za a ba, ni kuma in koma ƙarƙashinsa.

Sai na shiga karatun ƙarshen mako a kwalejin kimiyya da fasaha. Na ci kwasa-kwasan da ake ci da haƙuri, na ci waɗanda ake ci da hadda. Guda ɗaya ya tsaya mini a wuya, lissafin ƙididdiga. Na faɗi sau biyu. Dokar makarantar kuwa, wanda ya faɗi kwas ɗaya sau uku an sallame shi, ko da saura duk ya cinye su. Wannan zangon shi ne na uku.

Mai koyar da kwas ɗin a wannan karon wata matashiya ce, sabuwar zuwa, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Ranar farko da ta shigo aji ta gan ni a layin gaba, sai ta ɗan rusuna ta gaishe ni, ta zaci mai sa ido ne aka turo daga sama. Da ta gane ɗalibi ne sai ta fi ni jin kunya. Tun ranar take ce mini Baba, ni kuma ina ce mata Malama, kowa yana ƙoƙarin riga ɗan'uwansa gaisuwa. In ta yi tambaya a aji takan tsallake ni, don kada ta kunyata dattijo. Ni kuma ba na ɗaga hannu, don kada in ɓata mata lokaci. Haka muka yi ta girmama juna, kwas yana tafiya ba da ni ba.

Rabin darussan ma ban halarta ba, domin Asabar ɗin da ake karatu takan faɗo ranar aikina. Shugaban ajinmu, wani dogon yaro da ake kira Kwamanda, shi yake ɗaukar hoton allo da waya ya tura a zauren hira da muka buɗe a waya. Da waɗannan hotuna nake karatu, a ɗakin awo, lokacin hutun rana, sikeli a gefe guda, waya a jingine da gwangwanin shayi. Kwamanda yana da kirki amma hannunsa ba ya tsayawa. Wani hoton rabin allo ne, wani ƙeyar mutum ce, wani kuma hasken taga ya cinye tsakiyarsa.

Ana saura mako guda jarrabawa ya turo hoton da ya jawo wannan labari. Darasin kan yadda ake auna warwatsuwar lambobi ne, wato yadda suka yi nisa da matsakaicinsu. Saman allon bai fito ba, hoton ya fara ne daga jerin lambobi biyar: 46, 48, 50, 52, 54. Na gane su nan take, domin suna cikin littafin da aka ce mu saya, a ƙarshen babi. A littafin an ce shekarun ma'aikata biyar ne na wani shago.

Na bi aikin Malama layi-layi da yatsa. An tara su an raba da biyar, matsakaici hamsin. An cire hamsin daga kowace: huɗu ƙasa, biyu ƙasa, sifili, biyu sama, huɗu sama. An ninka kowace da kanta: sha shida, huɗu, sifili, huɗu, sha shida. An tara, arba'in. Har nan ina tare da ita, har ina jin wani ɗan daɗi irin na wanda ya daɗe bai gane komai ba. Sai ta raba arba'in da huɗu, ta rubuta goma, ta ja layi biyu a ƙasa.

Na buɗe bayan littafi inda amsoshi suke. Takwas.

Na sake ƙirga lambobin, ko ɗaya ta ɓace. Biyar ne. Na goge gilashin wayar da gefen riga, na sake ƙirgawa. Arba'in a raba da biyar, takwas, wannan ko ni na sani. To ina Malama ta samo huɗu?

Na tambaya a zauren aji. Wata ta ce a bi Malama, ita ce mai kwas. Wani ya ce a bi littafi, tunda a kwamfuta za a yi jarrabawar, kwamfuta kuma ba ta san Malama ba. Kwamanda ya turo hoton fuska mai dariya ya ce, "Baba, tsakanin takwas da goma ai tara ne, ka rubuta tara kowa ya huta." Daga nan hira ta koma kan ƙwallo.

Da yamma na zauna a tsakar gida zan rubuta wa Malama saƙo. Matata tana kan keken ɗinkinta, tana kallona ta saman tabarau.

"Maigida, yau kuma da wa ake faɗa? Tun ɗazu kake rubutu kana gogewa."

Na gaya mata.

"To ka ce mata, Malama, ke kin ce goma, littafi ya ce takwas, me ya sa? Shi ke nan."

"Haka ake yi wa malami magana? Kamar na kama ta da sata?"

"Yarinyar da ka ce ta yi sa'ar 'yarka?"

"A aji ba sa'ar kowa ba ce."

"To rubuta mata waƙa," in ji ta, ta ci gaba da taka keke.

Kusan waƙar na rubuta. Ga abin da na tura, bayan na goge abin da ya fi shi yawa:

"Assalamu alaikum Malama, da fatan an wuni lafiya, ya aiki, ya fama da mu. Allah ya saka da alheri bisa ƙoƙarin da ake yi. Ni ne dattijon da yake zama a gaba. A gafarce ni da damun ki a lokacin hutu. Na ga hoton aikin da aka yi a allo ranar da ban samu zuwa ba, amsa ta fito goma, a littafi kuma na ga takwas. Na haɗo hotunan biyu. Ina roƙon a taimaka a nuna mini dalilin da ya sa suka bambanta, in da hali. Na san ba daga wajenki ba ne, wataƙila idona ne ko ƙwaƙwalwar tsufa. Aikin awo nake yi a kamfani shekara da shekaru, kullum cikin ɗibar samfur nake, to amma na boko daban ne. In babu lokaci ba komai. Na gode, na gode."

Matata ta karɓi wayar ta karanta, ta miƙo mini. "Wannan in ni aka turo wa, sai in zaci rance za ka nema."

Wannan layin na samfur, ban san me ya sa na saka shi ba. Ina jin so nake ta san cewa a wani wurin ni ma ana tambayata abu in ba da amsa.

Amsarta ta zo washegari da hantsi, ina tsaye a bakin injin ɗuri.

"Wa alaikumus salam Baba, ina kwana. Haba, ba damuwa ko kaɗan, kuma idonka lafiya lau. Duka biyun daidai ne. Littafi ya ɗauke su a matsayin fofuleshan, shi ya sa ya raba da biyar. Ni kuma na ɗauke su a matsayin samfur, shi ya sa na rage ɗaya na raba da huɗu. Tunda aikinka ne, na san ka fi ni sanin samfur. In bai fito ba ka zo ofis, Baba."

Na karanta sau biyu, sai hankalina ya kwanta. Kalmomi biyu ne, kuma duka na san su. A kwas ɗin nan ba a taɓa ba ni kalma biyu a jere da na sani ba.

Fofuleshan, wa bai san shi ba? Shi ne abin da ake faɗa a rediyo lokacin ƙidaya, yawan jama'a, mutane. Littafi kuwa shekarun ma'aikata ya ce, mutane ke nan. Samfur kuma, ai ga shi a gabana. Kowace safiya nakan sa a jawo buhuna daga layi a ɗora a sikeli, mu ce samfur. Samfur kaya ne. Na sake duba lambobin: arba'in da shida, arba'in da takwas, hamsin. Wallahi nauyin buhun siminti ne sak, ranar da inji ya tashi da rashin lafiya. Ashe a saman allon da Kwamanda ya yanke, Malama ta mayar da ma'aikatan shago buhuna ne. Komai ya zauna daram.

Sai na kafa doka, na rubuta ta da jan biro a cikin bangon littafi: in mutane ne a raba da adadinsu cif, in kaya ne a rage ɗaya. Har dalili na samo mata. Kaya kullum akwai wanda zai fashe a hanya, dole a yi ragi. Mutum kuwa ba a rage shi, ɗan Adam yana da daraja. Na ji lissafin ma ashe yana da tarbiyya.

Na mayar mata da amsa: "Ya fito sarai, Malama. Allah ya ƙara basira."

Ta turo: "Amin Baba. Allah ya ba da sa'a."

Ranar na dawo gida da fara'a, har matata ta tambaya ko an yi ƙarin girma ne. Na zaunar da ita na yi mata bayanin mutane da kaya. Ta saurara, allura a bakinta, ta cire ta ce, "To in awaki ne fa?"

Na ce awaki kaya ne.

"Ka dai koma ka tambaye ta."

"Na riga na ce mata ya fito. In koma in ce me? Ya koma ciki?"

Ban koma ba. A gaskiya ma ban ga abin komawa ba. Awaki ba sa cikin manhaja.

Ɗakin jarrabawar dogo ne, kwamfutoci a jere, fanka tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Aka zaunar da ni tsakanin yara biyu da suke danna madannai kamar suna fushi da su. Ni da yatsa ɗaya nake yi, shi ma sai na duba. Tambayoyin na zaɓi ne, amsa huɗu a ƙarƙashin kowace, ka danna ɗaya. Ba wurin nuna aiki, ba wurin da mai dubawa zai ga ka kusa ya tausaya.

Tambayoyin farko na lallaɓa, wasu na sani, wasu na yi bismilla na danna. Sai aka iso sashen warwatsuwa, kuma sashen da faɗi, don Malama ta ce nan ne zuciyar kwas ɗin. Na gyara zama.

An zaɓo manoma shida daga cikin manoman wata gunduma, ga yawan buhunan da kowa ya girbe. Na ɗan tsaya, domin ga mutane ga kaya a tambaya ɗaya. Na ce manoman aka zaɓo, manomi kuma mutum ne. Na raba da shida. Na duba allon kwamfuta, ga amsata nan zaune a cikin huɗun, tana jirana. Ban san cewa duk mai shirya irin wannan jarrabawa yakan ajiye amsar kuskure kusa da ta gaskiya ba, kamar yadda ake ajiye wa ɓera abinci a tarko. Ni dai na ga lambata, na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha.

An ɗebo marasa lafiya daga cikin masu zuwa wani asibiti. Mutane. An zaɓo ɗalibai daga wata babbar makaranta. Mutane. Wasu tambayoyin kuma a kan na baya suke hawa, ka ɗauki amsar da ka samu ka ci gaba da ita, ni kuwa na ɗauka na ci gaba, kowane mataki ina samun lambata a cikin zaɓin. Sau ɗaya aka kawo ƙwayayen fitila da aka ɗebo daga kwali, na rage ɗaya, ina murmushi. Daga baya na gane wannan kaɗai na ci a sashen, ita ma bisa kuskure.

Na fito ina taku ɗai-ɗai. Kwamanda ya tare ni a baranda.

"Baba, ya aka ji da ita?"

"Wannan karon sai dai su nemi wani su kayar," na ce.

"Kai! Baba ya waye! A ba shi hanya!"

A wajen aiki Manaja ya tambaye ni, na ce ya fara shirya takardar tabbatarwa. Satifiket ma ya zo ya yi mini murna, hannu biyu, kuma ina jin har zuciyarsa ne, abin da ya fi ba ni haushi da yaron ke nan, ba shi da mugunta ko ta kwabo da zan riƙe.

Sakamako ya fito a waya, ina cikin motar haya. Na buɗe, na ga harafin faɗuwa da na riga na saba da shi, mun zama kamar 'yan'uwa. A ƙasa an ƙara wani layi da ban taɓa gani ba, cewa a tuntuɓi ofishin rajista. Na rufe wayar, na buɗe, ko za ta sake shawara. Har na wuce inda zan sauka.

Ban gaya wa kowa a gida ba ranar. Washegari na nemi izini a wurin aiki na tafi kwalejin.

Ofishin Malama ɗan ƙarami ne, su uku suke raba shi, tebur ya ci rabin ɗakin, takardu sun ci rabin teburin. Da ta gan ni ta miƙe, ta kwashe fayiloli daga kan kujera ɗaya tilo ta baƙi, ta goge ta da hannu.

"Baba, sannu da zuwa. Zauna. Na ga sakamakon. Wallahi ban ji daɗi ba."

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, na tambayi aiki, kowa yana zagaye abin. Daga ƙarshe na ce ban zo roƙo ba, na san kwamfuta ba ta da kawu. So nake kawai in san inda na faɗi, domin sashen warwatsuwa na tabbata na cinye shi.

"Baba, a nan ne fa aka samu matsalar."

"Ba zai yiwu ba, Malama. Dokarki na bi. Mutane a raba da adadinsu, kaya a rage ɗaya."

"Dokata?"

Na buɗe bangon littafin na nuna mata jan rubutun. Ta karanta. Na ga leɓenta ya motsa, ta sa hannu ta rufe baki. Da dariya ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba, idonta ne ya kawo ruwa.

"Innalillahi. Baba, fofuleshan a nan ba mutane ake nufi ba."

"To me ake nufi?"

"Duka. Dukkan abin da kake magana a kai, ba ka bar ko ɗaya a waje ba. Samfur kuma wani ɓangare ne da ka ɗebo don ka yi hasashen sauran."

Ta jawo wata takarda ta juya bayanta, ta rubuta lambobin nan biyar da na fi sanin su fiye da lambar wayata. Ta ce a littafi shagon ma'aikata biyar gare shi, su ke nan, ba wani a waje, don haka arba'in a raba da biyar, takwas. A allo kuma ta rubuta a sama cewa a ɗauka waɗannan biyar ɗin an zaɓo su ne daga babban kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata, ana so a yi hasashen warwatsuwar shekarun kamfanin gaba ɗaya.

"Ba buhuna ba ne?"

"Wane buhu, Baba? Mutanen nan ne dai."

Ta ce dalilin rage ɗaya shi ne, hamsin ɗin nan daga jikin su biyar ɗin aka fitar da shi, don haka dole ya zauna a tsakiyarsu, ya fi kusa da su fiye da yadda matsakaicin kamfanin na gaskiya zai kasance. Nisan da ka auna sai ya fito ƙasa da yadda ya kamata. In ka raba da huɗu maimakon biyar, amsar ta ɗan ƙaru, ta rama abin da aka tauye. Ta ce in lura kuma, huɗu ƙasa, biyu ƙasa, sifili, biyu sama, in na san waɗannan huɗun, na biyar ba shi da zaɓi, dole ya zama huɗu sama don su tashi sifili. Huɗu ne kawai suke da 'yancin kansu.

Na gane. Abin takaicin ke nan. Na gane tsaf, tun kafin ta ajiye biro, kuma bai ɗauke ta lokacin da ake shan kofin shayi ba. Zango uku ina neman wannan, ga shi a bayan takardar da za a jefar.

"To in mota ta zo da buhu biyar kacal, na auna su duka?"

"Fofuleshan ne."

"Buhun?"

"Buhun, Baba. Ko ƙusa ce."

Ta ajiye biron. "Laifina ne. Da na ga ka ce kullum cikin ɗibar samfur kake, sai na ji nauyin in tsaya ina yi maka bayani kamar yaro. Na rubuta dogon bayani fa, na goge. Na ce kada Baba ya ga na raina shi."

"Ni ma na rubuta gajeriyar tambaya na goge," na ce.

Wani malami da ke ofishin, wanda tun shigowata yake yi kamar yana duba takardu, ya tashi ya fita.

Na tambaye ta ko akwai wata hanya. Ta ce za ta rubuta wa shugaban sashe, za ta je da kanta, amma kada ta ɓoye mini, tun zuwanta ba ta ga an ɗaga wa kowa wannan doka ba, kuma maki a kwamfuta yake, ba ta da ikon taɓa shi. Abin da ya rage shi ne mutum ya sake neman shiga daga farko, aji ɗaya. Na lissafa shekarun a zuciyata, wannan lissafin ban yi kuskurensa ba. Kafin in gama, takardar ritaya ta riga ta difloma isowa.

Ta juya kwamfutarta kaɗan. "Ina iya buɗe amsoshinka, mu ga ko da ka rage ɗayan za ka haye. In kana so."

Na dubi bayan kwamfutar. In ta ce da na haye, zan kwana da shi har in mutu. In ta ce da ban haye ba, to ashe ma ba kalmar ce ta kayar da ni ba, ni ne.

"A'a Malama, kada in wahalar da ke."

"Ba wahala, Baba, dannawa ɗaya ne."

"Bar shi. Kin yi ƙoƙari."

Ta rako ni har bakin matakala, tana ba ni haƙuri ina ba ta haƙuri, har muka rasa wanda aka yi wa laifi. A ofishin rajista wani magatakarda ya karɓi katina na ɗalibi, ya huda shi da abin huda takarda, ya miƙo mini, ya ce in ajiye don tarihi.

Shugaban sashe bai ɗaga doka ba. Manaja ya sake ba ni kujera a ofishinsa, ya yi magana mai daɗi a kan gogewa da amana, ya ce a wurinsa ni ne sashen awo, takarda ce kawai za ta ɗauki sunan wani.

Ranar Litinin na iso na tarar Satifiket ya riga ni. Yana tsaye a bakin ɗakin awo, bai shiga ba, sabuwar riga a jikinsa har da layin guga. Ya rusuna ya gaishe ni kamar kullum.

"Baba, an ce in zauna a teburinka. Na ce a'a, sai ka zo."

"Zauna mana. Naka ne."

"To kai a ina za ka zauna?"

Muka duba ɗakin tare. Tebur ɗaya ne, kujera ɗaya. Ya ce zai je sito ya nemo benci, na ce ya bari, shugaba ba ya ɗauko benci. Na tafi na ɗauko da kaina.